Idan wayar mai shago ta ɓata: yadda ake rubuta wa banki wasiƙar neman sake buɗe asusu a waya

A zagayen da nake yi wa ƙungiyoyinmu na adashi a Samaru, Hayin Dogo, Muciya da cikin Sabon Gari, na lura yawancin masu ƙananan shaguna yanzu rabin cinikinsu ta waya yake shigowa. Ɗalibi ya sayi taliya da ƙwai ya yi tiransfa, mai shago ta ga alat ta miƙa kaya. Ita ma idan za ta saro kaya a Kasuwar Sabon Gari, ta waya take biyan dila. Saboda haka ranar da waya ta ɓata, abu biyu ne ke faruwa lokaci guda: ciniki ya tsaya, kuma kuɗin da ke banki ya shiga haɗari. Wannan babi zai nuna maki abin da za ki yi daga sa'ar farko har zuwa wasiƙar da za ki kai banki, da abin da ya kamata wasiƙar ta ƙunsa, da abin da bai kamata ya shiga cikinta ba ko kusa.

Abin da ɓarawo yake nema

Da yawa daga cikinmu idan waya ta ɓata, kuɗin wayar muke fara lissafawa. Amma wanda ya san ta kan wannan sana'a, layin da ke ciki ya fi masa wayar daraja. Ko kin kulle fuskar wayar da zanen yatsa, zai iya zare layin ya sa a wata ƙaramar waya. Daga wannan lokacin duk saƙon da banki ya turo maki, hannunsa zai shiga. Shi zai ga alat, ya san bankinki da abin da ya rage a asusun. Shi kuma zai karɓi lambar nan ta amfani sau ɗaya da ake kira OTP, wadda banki ke turowa don ya tabbatar mai asusun ce ke magana.

Asusunki yana da ƙofofi uku da suka danganci waya. Ta farko ita ce manhajar banki da aka sauke a babbar waya. Ta biyu ita ce lambobin da ake dannawa da tauraro, wato USSD, waɗanda ke aiki ko a ƙaramar waya ba tare da data ba. Ta uku ita ce katin ATM, domin mata da yawa a bayan rigar waya suke soke katinsu, wasu kuma sun ɗauki hotonsa gaba da baya sun ajiye a cikin wayar. Ki riƙe waɗannan ukun a ranki, domin wasiƙarki dole ta yi magana a kan kowacce. Idan aka gyara ɗaya aka bar biyu, aikin bai cika ba.

Ƙofa ta biyu ce aka fi shiga da sauri. Dokar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ta ce kada abin da ake fitarwa ta USSD ya wuce naira 100,000 a rana, kuma abin da ya haura naira 20,000 sai an ƙara wata shaida ta biyu bayan lambar sirri. Wannan yana rage ɓarna, amma ga mai shagon da jarinta duka bai kai dubu ɗari biyu ba, kuɗin rana ɗaya ma ya isa ya durƙusar da ita.

Kafin wasiƙa, a fara rufe ƙofa

Wasiƙa tana jiran sai an buɗe banki, ɓarawo kuwa ba ya jira. Don haka abu na farko shi ne ki ari wayar duk wanda ke kusa da ke ki rufe asusun. Bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, ba sai layinki ba. Ga na wasu daga cikinsu:

```
Access Bank   *901*911#
First Bank    *894*911#
GTBank        *737*51*74#
UBA           *919*911#
Zenith Bank   *966*911#
```

Idan kin danna, za a tambaye ki lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, wani bankin kuma har da lambar sirri. Ki bi abin da ya fito har sai kin ga saƙon cewa an rufe. Idan bankinki ba ya cikin waɗannan, ki tambayi tasa lambar yau, tun wayarki tana hannunki, ki rubuta ta a bangon littafin zubinki. Idan kina da asusu a OPay, Moniepoint ko PalmPay a kan wannan layin, su ma kowanne sai kin rufe shi daban, domin rufe na banki ɗaya bai taɓa sauran ba.

Bayan banki sai kamfanin layi. Lambar kula da masu hulɗa ta dukkan kamfanonin layi yanzu 300 ce. Ki kira da wayar wani mai irin layinki, ki ce an sace layinki a toshe shi. Sannan ki rubuta a takarda ƙarfe nawa kika ga wayar na ƙarshe, ƙarfe nawa kika rufe asusu, ƙarfe nawa aka toshe layi. Waɗannan lokutan za su shiga wasiƙa, kuma idan an taɓa kuɗi, su ne za su raba abin da kika kashe da kanki da abin da wani ya ɗiba.

A dawo da layi kafin a je banki

Ina yawan ganin mata sun yi sammako sun tafi banki a PZ, sun bi layi har azahar, sannan a ce masu su je su dawo da layinsu tukuna. Dalilin a fili yake. Lokacin da ma'aikacin banki zai sake haɗa ki da manhaja, lambar OTP za ta zo ne ta lambar wayar da ke kan asusun. Idan layin ba ya hannunki, babu inda saƙon zai sauka.

Don haka ranar aiki ta farko, ki fara zuwa kotu ki yi takardar rantsuwa, wadda ake ce wa afidabit, cewa wayarki da layinki sun ɓata. A rubuta cikakken sunanki kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar layin, da rana da wurin da abin ya faru. Idan sata ce ko fizge, ki ƙara da rahoton 'yan sanda. Ki karɓi rasit na duk abin da kika biya. Daga nan ki wuce ofishin kamfanin layin ko wakilinsu mai izini da takardar rantsuwar da lambarki ta NIN. Za su ɗauki hotonki ko yatsanki su gwada da abin da ke rajista, kuma sukan tambayi lambobin da kika fi kira da katin ƙarshe da kika sa. Ki tuna da waɗannan tun a hanya.

A nan ne matsalar da ta fi damun matanmu take fitowa. Layin da kike amfani da shi shekara da shekaru, da sunan wa aka yi masa rajista? Idan maigida ne ya saya ya ba ki, ko ɗanki, ko ƙaninki da ke Kaduna, to a wurin kamfani layin nasa ne, kuma shi kaɗai za a ba sabo. Tun daga Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, wannan ya ƙara tsanani. Idan haka ne, ko dai ku tafi tare ya dawo da layin, ko ki sayi sabo da sunanki ki roƙi banki ya sauya lambar da ke kan asusun da kan BVN ɗinki. Hanya ta biyun ta fi cin lokaci, amma ita ce ke raba ki da wannan matsala gaba ɗaya. Kuma kada a bar tsohuwar lambar a kan asusu, domin layin da aka daina amfani da shi, bayan wani lokaci kamfani yana sake sayar wa wani, sai alat ɗinki ya riƙa shiga wayar baƙo.

Me ya sa sai an rubuta wasiƙa

Wata za ta ce, "To malama, tunda ga ni a gabansu da bakina, wasiƙar ta mece ce?" Amsar ita ce, banki ba ya aiki da maganar baka a kan asusun da aka rufe. Roƙon da kike yi, wato a cire tsohuwar waya a haɗa sabuwa, shi ne daidai roƙon da ɗan damfara zai so ya yi da sunanki. Ma'aikaciyar da ta yi wannan aiki ba tare da takarda mai sa hannunki ba, ita za a tuhuma idan kuɗi ya fita. Ke ma wasiƙar kariya ce gare ki. Kwafin da aka buga wa hatimi shi ne shaidarki cewa a rana kaza kin sanar da banki.

Galibin bankuna za su ƙara maki da nasu fom ki cike. Wannan bai sa wasiƙar ta zama banza ba. Fom akwatuna ne da ake sa wa alama, babu wurin bayanin lokaci da abin da ya faru.

Aikin banki da Turanci ake rubuta shi, don haka akasari da Turanci za a so wasiƙar. Abin da nake koya wa ƙungiyoyi shi ne a fara tsara ta da Hausa, mai asusun ta faɗi komai da bakinta, sannan sakatariyar ƙungiya ko wani amintacce ya juya ta, ya kuma karanta mata layi bayan layi yana fassarawa kafin ta sa hannu. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maki ba, ko da ɗan cikinki ne ya rubuta.

Misali daga farko har ƙarshe

Bari mu bi labarin wata 'yar ƙungiya mai shagon kayan masarufi a Samaru. Ranar Alhamis da yamma ta shiga keke daga Kwangila za ta kasuwa saro kaya. Da misalin ƙarfe 5:00 ta amsa waya a cikin keken, shi ne ganinta na ƙarshe da ita. Sai da ta zo biyan dila wajen 5:30 ta laluba jaka babu waya. A asusunta akwai naira 186,500, kuma 60,000 daga ciki zubin mata shida ne da suka turo mata don ta kai taron Asabar. Katin ATM ɗinta yana bayan rigar wayar.

Dilan ya ara mata wayarsa, amma ba ta haddace lambar rufewa ba, sai da aka kira 'yarta a gida ta duba littafin zubi. Ƙarfe 6:10 aka rufe asusun, 6:40 aka toshe layin. Ranar Juma'a da safe ta yi takardar rantsuwa ta dawo da layin kafin a tafi masallaci, domin da sunanta yake. Bankuna ba sa aiki Asabar da Lahadi, don haka ta yi amfani da kwanakin nan biyu ta samo wata waya, suka zauna da sakatariya suka tsara wasiƙa. Ga yadda ta kasance, na bar wuraren suna da lamba a buɗe don kowa ta sa nata:

(Sunan shago da adireshi, Samaru, Zariya)
(Kwanan wata)

Zuwa ga Manaja,
(Sunan banki da reshe), Zariya.

Ranka ya daɗe,

Roƙon sake buɗe asusu a waya bayan ɓatan waya: asusu mai lamba (lambobi 10), mai suna (sunan da ke kan asusun)

Ni ce mai asusun da aka ambata a sama. Ina sanar da ku cewa wayata, mai ɗauke da layi (lambar waya) wanda ke kan wannan asusu, ta ɓata ranar Alhamis (kwanan wata) tsakanin ƙarfe 5:00 da 5:30 na yamma, a hanyar Kwangila zuwa Kasuwar Sabon Gari. Katina na ATM, wanda lambobinsa huɗu na ƙarshe su ne (lambobi 4), ya ɓata tare da ita.

Na rufe asusun da ƙarfe 6:10 na yammacin ranar ta hanyar lambar gaggawa ta banki, kamfanin layi kuma ya toshe layin da ƙarfe 6:40. Na dawo da layin washegari, yanzu yana hannuna. Kuɗin ƙarshe da na fitar da kaina shi ne naira 12,000 da na tura ranar Alhamis da safe. Duk abin da ya fita bayan ƙarfe 5:00 na yamma ba da izinina ba ne.

Saboda haka ina roƙon banki ya yi mini waɗannan abubuwa:

1. A cire tsohuwar wayar daga manhajar banki, a haɗa sabuwar da ke hannuna.
2. A soke tsofaffin lambobin sirri na manhaja da na USSD, a ba ni dama in sa sababbi da kaina.
3. A soke katin ATM da ya ɓata, a ba ni sabo.
4. A ba ni bayanin shige da ficen kuɗi daga safiyar Alhamis zuwa yau.
5. Bayan an kammala waɗannan, a buɗe asusun.

Na haɗo da kwafin katina na NIN da takardar rantsuwa ta kotu. Za a iya samuna ta lambar da ke sama.

Na gode.

Taku,
(Sa hannu, irin wanda ke fayil ɗin banki)
(Cikakken suna)

Dalilin kowane sashe

Ki lura wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Babu doguwar gaisuwa, babu labarin yadda hankalinta ya tashi. Ma'aikaciyar da ke kan tebur tana da mutane da yawa a gabanta, abin da take nema shi ne wane asusu, me ya faru, yaushe, me ake so.

Layin da ya ambaci kuɗin ƙarshe da ta fitar da kanta yana da amfani biyu. Yana taimaka wa banki ya gane mai asusun ce, domin sukan yi irin wannan tambayar. Yana kuma ja layi tsakanin nata da na ɓarawo tun kafin a buɗe bayanin asusun.

Jerin roƙon shi ne zuciyar wasiƙar, kuma yadda aka jera shi da gangan ne. Buɗe asusu ya zo a ƙarshe. Idan aka fara buɗewa alhali tsohuwar waya tana haɗe kuma katin yana aiki, to an buɗe wa wanda ke riƙe da su. Idan kika ji ma'aikata suna cewa akwai PND a kan asusunki, abin da suke nufi shi ne an hana kuɗi fita. Irin wannan rufewar ba ta hana kuɗi shiga, don haka kwastomomi za su iya ci gaba da turo maki, sai dai ke ba za ki iya taɓawa ba sai an cire. Amma a ranakun da layi ba ya hannunki ba za ki ga alat ba, don haka kada ki ba da kaya don wani ya nuna maki rasit a wayarsa. A waɗannan kwanaki ki karɓi kuɗi hannu.

Abin da ba ya shiga wasiƙa shi ne duk wata lambar sirri. Kada a rubuta PIN na kati, ko na manhaja, ko na USSD, tsoho ko sabo. Kada a rubuta cikakkiyar lambar kati, ko lambobi ukun da ke bayansa. Takarda tana bi ta hannu da yawa kafin ta shiga fayil. BVN ma, mai lambobi 11, ba sai ta shiga wasiƙar ba, ki je da ita a rubuce daban ki cike a fom ɗin banki idan an nema. Idan kin manta ta, bayan layin ya dawo ki danna `*565*0#` a layin da kika yi rajistar da shi, za ta fito, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Wannan ma yana nuna maki dalilin gaggawar toshe layi, domin duk wanda layin ke hannunsa zai iya danna wannan lambar.

Ranar zuwa banki

Ki je da kanki. Ba a aike a wannan aiki, ko da maigida ne, domin za a gwada fuskarki ko yatsanki da sa hannunki. Ki tafi da wasiƙar kwafi biyu, da katin shaida na asali da fotokwafinsa, da takardar rantsuwa, da sabuwar wayar cike da caji, layin a ciki, da ɗan data. Ki nufi teburin kula da masu hulɗa, ki miƙa kwafi ɗaya, ki ce, "Don Allah a buga mini hatimi a ɗayan, a sa kwanan wata." Wannan kwafin gida za ki kai shi ki adana.

Abu biyu ne suka fi mayar da mata gida. Na farko bambancin suna: asusu da sunan mahaifi, NIN da sunan miji, ko an rubuta sunan da haruffa daban, ko ranar haihuwa ba ta zo ɗaya ba. Idan haka ne sai an fara gyarawa, kuma wannan yana iya cin kwanaki. Na biyu sa hannu. Wadda ta buɗe asusu shekara goma da suka wuce ta dangwala yatsa, yanzu ta shiga makarantar yaƙi da jahilci ta koyi rubuta sunanta, idan ta sa hannu a wasiƙa ba zai yi daidai da na fayil ba. Ki yi irin wanda kika yi ranar buɗe asusu, daga baya ki nemi a sabunta.

Idan an zo sa sabuwar lambar sirri, ke za ki danna da hannunki. Ma'aikaci zai nuna maki inda za ki taɓa, amma ba ya tambayar lambar, kuma mai gadi ko wani da ke bakin ƙofa da ya ce ki kawo ya taimaka maki, ki ce masa kin gode. Kada ki sa shekarar haihuwarki, ko ƙarshen lambar wayarki, ko 1234. Kafin ki fita, ki duba abin da ya rage a asusun, ki gwada tura naira 100 ga wata 'yar uwa, ki ga ko alat ya shigo layinki. Wasu bankuna sukan rage adadin da za a iya turawa a sabuwar waya na ɗan lokaci, don haka ki tambaya kafin ki yi wa dila alkawarin biya a ranar.

Mai shagonmu ta yi duk wannan ranar Litinin. Da aka buga mata bayanin asusun, sai ga katin waya na naira 5,000 sau biyu da aka saya wa layinta da ƙarfe 5:41 da 5:48 na yammacin Alhamis. A wasu bankuna sayen kati ga layin da ke kan asusun ba ya buƙatar lambar sirri, shi ya sa ɓarawo kan fara da shi. Ragowar kuɗinta naira 176,500, zubin mata shida kuma yana nan cif. Ranar Talata asusun ya buɗe, ta koma ciniki.

Idan an taɓa kuɗi

Kuɗin da ya fita ba da izininki ba, wasiƙarsa daban ce. Ki rubuta ta biyu a ranar, ki jera kowane fita da ranarsa da lokacinsa da adadinsa kamar yadda suke a bayanin asusun, ki roƙi a bincika. Ki nemi lambar ƙorafi, wato lambar da banki ke ba kowane koke don a riƙa bibiya, ki rubuta ta a kan kwafinki mai hatimi. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kina da damar kai ƙara ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya ta adireshin `cpd@cbn.gov.ng`, tare da lambar ƙorafin da kwafin wasiƙarki.

Gaskiyar magana, kuɗin da ya fita kafin ki sanar da banki dawowarsa da wuya, musamman idan an riga an mayar da shi katin waya ko an cire shi a wurin mai POS. Wanda ya fita bayan lokacin da kika rufe asusu kuwa, hujjarki a kansa tana da ƙarfi. Wannan ne ya sa na nace a kan rubuta lokaci.

A kwanakin da suka biyo baya, ki sa ido a kan kira. Wani zai iya bugo maki ya ce daga banki yake, ya kira sunanki daidai, ya ce za a mayar maki da kuɗinki idan kin karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Banki ba ya neman OTP ko PIN ta waya. Ki kashe, idan kina shakka ki koma reshe da ƙafarki. Ki kuma sanar da 'yan uwa da kwastomomi cewa duk wanda ya nemi rance da sunanki ta WhatsApp a kwanakin nan ba ke ba ce.

Abin da ya shafi ƙungiya

Idan wayar da ta ɓata ta ma'ajiya ce, ko ta duk wadda layinta ke kan asusun ƙungiya, to a sanar da shugaba da sakatariya a ranar, kada a jira taro. Wasiƙar a wannan hali da sunan ƙungiya ake rubuta ta, kuma waɗanda banki ya sani a matsayin masu sa hannu su ne za su sa hannu, daidai da ƙa'idar da aka ajiye ranar buɗe asusun. Idan an ce biyu daga cikin uku, to biyu za su je. A haɗa da kwafin bayanin taron da aka amince da roƙon, a kuma karanta wa mambobi bayanin asusun a zama na gaba, don kada zargi ya shiga tsakani.

Darasin da ƙungiyar mai shagonmu ta ɗauka shi ne kada zubi ya ƙara kwana a asusun mutum ɗaya. Akwatinmu makulli uku ne a hannun mutum uku saboda kada kuɗin jama'a ya rataya a wuyan mace ɗaya, amma idan muka tara zubi a wayar mutum ɗaya, mun rushe wannan tsarin da hannunmu. Wadda za ta biya ta waya, ta tura asusun ƙungiya kai tsaye.

Aikin da za a yi a taro mai zuwa

Ina roƙon kowace sakatariya ta ware minti ashirin a zama na gaba. Kowace mamba ta rubuta a bangon littafinta lambar rufe asusu ta bankinta, da lambar asusunta, amma ban da lambar sirri. Kowacce ta faɗi da sunan wa aka yi wa layinta rajista, wadda ba nata ba ne a sa mata lokacin gyarawa. A cire katin ATM daga bayan rigar waya, a goge hotonsa idan yana ciki. Masu so su sa wa layinsu lambar kulle, wato PIN na layi, yadda ko an zare shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba, su je ofishin kamfanin layi a nuna masu, domin idan aka yi kuskure sau uku layin yana kullewa sai an nemo lambar PUK. A ƙarshe sakatariya ta kwafe wasiƙar da ke wannan babi a bayan littafin ƙungiya, da Hausa da fassararta, yadda ranar da aka buƙace ta, suna da lamba da lokaci kawai za a cike.